Wake Ba Ya Bukatar Guba Kafin Ya Kai Baɗi

Duk shekara, da an shiga watan Nuwamba sabon wake ya cika kasuwa, magidancin da ke da 'yan kuɗi a hannu yakan sayi rabin buhu ko buhu guda ya ajiye, domin ya san farashin da zai tarar idan bazara ta yi nisa. Daga nan sai tambaya ta taso a gida: me za a sa masa kada ya yi ƙwari? Amsar da aka fi samu a bakin maƙwabta da masu shago ita ce a yayyafa masa fiya-fiya, ko a naɗe ƙwayar nan mai launin toka da wasu ke kira bom a tsumma a cusa a tsakiyar buhu. Ra'ayina shi ne babu gidan da ya kamata ɗayan biyun nan ya shiga abincinsa. Ba don tsoro kaɗai nake faɗin haka ba. Akwai hanyoyin da suka fi su aiki a ma'ajiyar gida, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Amma kafin a kai ga hanyoyin, sai an fahimci yadda ƙwaron yake rayuwa, domin yawancin kuskuren da ake yi daga rashin sanin wannan yake tasowa.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙwaron wake daga waje yake zuwa ya shiga buhu, shi ya sa suke mamaki idan sun ɗaure bakin buhu tamau amma bayan wata uku suka tarar da shi yana motsi. Gaskiyar ita ce tun daga gona ake tahowa da shi. Macen ƙwaron tana manna ƙwanta a jikin kwanson wake tun yana gona, ko a bayan ƙwayar bayan an sussuke. Wanda ya ɗauki ƙwayar wake ya duba ta a hasken rana zai iya ganin wasu 'yan ɗigo farare kamar an ɗiga kakin kyandir. Ƙwan ke nan. Idan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ba ta fitowa fili, sai ta huda ta ƙarƙashin ƙwan ta shige cikin ƙwayar, ta zauna tana ci har ta rikiɗe. A irin zafin ƙasarmu, tsakanin mako 3 zuwa 4 ya isa ta zama cikakken ƙwaro ta fasa ƙofa ta fito. Ramin nan mai zagaye da muke gani a jikin wake ƙofar fita ce, wato lokacin da aka gan shi an riga an gama ɓarnar.

Babban ƙwaron ba ya wuce mako ɗaya ko biyu a duniya, kuma ba ya bukatar ci. Aikinsa saduwa da zuba ƙwai, kuma mace guda takan zuba ƙwai da dama, har kusan 100. Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce rabin buhu ya shigo gida da mata 10 kacal, kuma kowace ta bar 'ya'ya mata 20 da suka rayu. Bayan wata guda sun zama 200, a wata na biyu 4,000, a na uku 80,000. Rabin buhu mai kilo 50 ƙwayoyin da ke cikinsa ba su wuce dubu ɗari uku ba da yawa, saboda haka kafin wata na huɗu ya ƙare da wuya a sami ƙwayar da ba ta da rami. Wannan ne dalilin da ya sa wake yakan zauna lafiya lau a watan farko da na biyu, sai uwargida ta saki jiki, sannan a wata na uku ya lalace kamar an yi masa asiri.

Yanzu mu dubi magungunan biyu. Fiya-fiya da 'yan uwanta na kwalba sinadarinsu dikulobos ne, wanda aka yi domin feshi, ba domin a cuɗa shi da abin da za a dafa ba. Yana aiki ne ta hanyar rikita jijiyoyin jiki, na ƙwaro da na mutum duka. Wanda ya sha shi da yawa yakan kama zubar da yawu da gumi da hawaye, ga amai da gudawa, ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama kamar kan allura, ƙirjinsa ya cika da majina har numfashi ya gagara. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan sinadari da ake samu a cikinsa, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Abin da ke ba ni takaici shi ne waken da baƙo ya ƙi karɓa a bakin iyakarsa, shi muke zuba wa yaranmu a kwano da safe a matsayin ƙosai.

Ƙwayar bom kuwa ta fi haɗari ga iyali, domin ba sai an ci ta take kisa ba. Da zarar ta haɗu da danshin iska sai ta soma fitar da iskar fosfin, mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. An yi ta ne domin manyan ɗakunan ajiya da ake rufewa ruf, babu kowa a kusa, a hannun wanda aka horar. Buhun saƙa ba ya riƙe iska, saboda haka ƙwayar da aka cusa a buhun da ke kusurwar ɗakin kwana, ko a sito mai bango ɗaya da ɗakin yara, iskarta ɗakin take cikawa cikin dare. Alamunta ciwon kai da jiri da amai da ciwon ciki da ƙuncin ƙirji, daga baya jini ya faɗi zuciya ta kasa. Ba ta da makari. Abin da asibiti ke iya yi shi ne tallafa wa numfashi da zuciya har jiki ya fitar da ita, idan an kai mutum da wuri. Kuma yara ne suka fi saurin tafiya.

Idan har aka wayi gari mutane biyu ko uku a gida suna amai lokaci guda bayan an sa wa hatsi magani, a fitar da kowa waje a buɗe tagogi, a tafi asibiti nan take tare da kwalbar ko gwangwanin maganin domin likita ya ga sunansa. Kada a tsaya ba da manja ko madara, kada kuma a tura wa mutum yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Wanda numfashinsa ya riga ya raunana, abin da aka ɗura masa huhunsa yake tafiya.

To, in ba guba ba, sai me? Ƙwaro mai rai ne, yana shaƙar iska kamar kowa, kuma ba ya jure zafi mai tsanani. A kan waɗannan biyu za a kama shi.

Bari mu ɗauki gida guda mu bi shi daki-daki. Maigida ya sayo rabin buhu, kwano 20, kowane kwano kimanin kilo biyu da rabi. Gidan yana cin kwano guda a mako. Aikin farko shi ne a sheƙe waken a tsince tsakuwa da ɓawo da ƙwayoyin da suka fashe, sannan a tabbatar ya bushe. Tsofaffi sukan gwada da haƙori: busasshen wake yakan fashe da ƙara, mai danshi kuwa haƙori yakan nutse a cikinsa. Akwai kuma gwajin gishiri. A sami busasshiyar kwalbar gilashi, a zuba wake ya kai kashi ɗaya cikin uku nata, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a rufe a girgiza na minti guda, a ajiye minti 15 a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, waken bai bushe ba, sai a mai da shi rana. Wannan mataki ba abin tsallakewa ba ne, domin hatsi mai danshi idan aka toshe shi a mazubi hunhuna yake yi, kuma hunhuna ta fi ƙwaro illa ga lafiya.

Aiki na biyu shi ne gashi da rana, wanda ya bambanta da shanya. Shanya a tabarma tana korar manyan ƙwari su gudu, amma tsutsar da ke cikin ƙwaya tana nan daram. Abin da ke kashe ta shi ne zafi ya kai kimanin maki 57 a ma'aunin salsiyos ya daɗe awa guda, kuma ba a samun haka sai an tsare zafin. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko tsohon bargo a ƙasa domin kada ƙasa ta zuƙe zafin, a ɗora baƙar leda mai faɗi a kai, a baza waken ya yi falle-falle, kaurinsa kada ya wuce yatsa biyu. Sai a rufe shi da farar leda mai nuna abin da ke ciki, a naɗe gefunan ledojin biyu tare a danne da duwatsu kada iska ta shiga. A bar shi awa biyu ko fiye a tsakiyar rana, daga ƙarfe 11 zuwa wajen ƙarfe 2. Ƙwai da tsutsa da babba duk mutuwa suke yi. Sai dai a kula da abu guda: lokacin kakar wake yakan zo daidai da hunturu, kuma ranar da hazo ya rufe sama zafin ba zai kai ba. A zaɓi ranar da gari ya washe.

Aiki na uku shi ne toshewa. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 tana ɗaukar wake kimanin kilo 20, wato kwano 8. Jarka biyu sun ɗauke kwano 16. A wanke su da sabulu, a kifa su kwana biyu su bushe ƙarƙaf, kuma kada a kusanci jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi, komai wankin da aka yi mata. Bayan waken ya huce a inuwa, a ɗura shi ana girgiza jarkar ana buga gindinta a ƙasa har ya cika ya kai wuya. A ɗora gutsuren leda mai kauri a baki sannan a murɗa murfi ya kama sosai. Hikimar cikawar ita ce iskar da ta rage a ciki ta zama kaɗan. Duk ƙwaron da ya tsira zai shanye ta da kansa, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya bushe ya mutu. Jarkar da aka bari rabi a cike kuwa ɗaki aka gina wa ƙwaro, da abinci da iska.

Sauran kwano 4 su ne na ci a watan farko, kuma a nan ne gidaje da yawa suke yin kuskure. Sukan zuba duka waken a babban mazubi guda, kullum a buɗe a ɗiba. Kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwaro. Abin da ya fi shi ne a raba kwano huɗun nan a gorunan ruwa na roba masu lita ɗaya da rabi, kowace tana ɗaukar kusan rabin kwano, wato gora 8. Ana buɗe guda a cinye ta cikin kwana uku ko huɗu. Jarkunan kuwa a rubuta musu kwanan wata a ajiye su a inuwa, ba a ƙasa tsirara ba, a kan katako. Idan gorunan sun ƙare aka buɗe jarka ta farko, sai a juye ta gaba ɗaya cikin goruna a lokaci guda, ta biyu kuma ta ci gaba da zama a rufe har wata na uku ya shige. Wanda ba zai iya gashin rana ba, sai ya bar jarkarsa a rufe kamar wata biyu kafin ya taɓa ta, domin a wurinsa rashin iskar ne kaɗai zai yi aikin.

Mai buhu guda ko fiye, jarka za ta yi masa yawa. Shi buhun PICS ya dace da shi, buhun nan mai ninki uku da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, aka kuma soma yaɗa shi a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu daga shekarar 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Kafin a zuba komai a hura kowace leda a matse ta a ji ko tana fitar da iska, domin huda guda kamar ta allura ta isa ta ɓata aikin. Bayan an zuba wake a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure da igiya guda bai toshe komai ba. Maƙiyan wannan buhu ɓera ne da tsinin kara da kuma hannun mai son leƙawa.

Za a ce, ina barkono da ganyen darbejiya da kakanninmu suke sawa? Ba na raina su, amma a san iyakarsu. Warinsu yana iya rage sha'awar macen ƙwaro ta sauka, sai dai ba ya isa ga tsutsar da ke cikin ƙwaya. Toka ta fi su aiki, amma ba ɗan barbaɗe ba: sai an tankaɗe ta an auna kwanon toka ga kwanon wake, an cuɗa, an kuma rufe saman da wata tokar. Ga mai ajiye iri kwano biyu wannan ya yi. Ga mai rabin buhu, neman toka kwano 20 wani aikin ne.

Shinkafa tana bin wannan hanya ta toshewa, da ɗan bambanci. Ƙwaronta mai dogon baki ne, kuma macen huda ƙwayar take yi ta sa ƙwai a ciki ta liƙe ramin, saboda haka babu ɗigon da ido zai gani. Babban kuma yana rayuwa watanni yana ci, ba kamar na wake ba. Alamar farko ita ce farin gari a gindin buhu. Gyararriyar shinkafa ba ta son rana mai ƙuna, tana tsattsagewa ta kakkarye wajen dahuwa, don haka ban ba da shawarar a yi mata gashin leda ba. Wanda yake da injin daskarewa da wuta tsayayya sai ya ƙulla ta a leda ya bar ta a ciki mako guda, sanyin zai kashe ƙwai da tsutsa. Idan ya fitar, kada ya kwance ledar sai ta koma zafin ɗaki, don raɓar da za ta taru ta tsaya a bayan leda. Amma inda wuta ke zuwa awa huɗu ta ɗauke awa goma, injin ba ya riƙe sanyin da ake bukata, jarka ta fi. Manomin da ke da shanshera kuwa ya bar ta da ɓawonta, ya riƙa kai ta inji kaɗan-kaɗan, domin ɓawon da bai fashe ba sulke ne.

Garin masara shi ne wanda ba na yarda a ajiye shi da yawa ko ta wace hanya. Ƙwaya tana da fata mai kare ta, gari ba shi da komai. Ƙwari iri biyu ne suka fi damunsa. Akwai 'yan ƙananan jajaye masu gudu da ke barin wani wari mai hawa kai, wanda tuwo ke ɗauka ko an tankaɗe. Akwai kuma tsutsar ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi mai launin ƙasa da ake gani yana shawagi a kicin da magariba. Ita ce ke yin yanar da ke dunƙule gari kamar saƙar gizo-gizo, kuma tana iya huda siririyar leda. Sau da yawa daga injin niƙa ake ɗebo su, domin a lungunan injin suke zama cikin tsohon gari. Ƙari a kan haka, idon masara yana da mai, kuma da an niƙa shi man yakan soma canza ɗanɗano, shi ya sa garin masarar da ba a surfa ba ya fi saurin lalacewa.

Saboda haka a ajiye masara a ƙwaya cikin jarka ko buhu mai ninki uku, a riƙa niƙa na mako biyu ko uku. Gari yakan dawo daga inji da ɗumi, ga danshin wankin da aka yi wa masarar bayan surfe, don haka a baza shi a kan tsabtataccen zane ya bushe ya huce, a tankaɗe da rariya mai laushi, sannan a zuba a bokiti mai murfin da ke kamawa. Kada a taɓa juye sabon gari a kan ragowar tsoho. A ƙarar da na ciki, a wanke bokitin har da bakin murfinsa inda tsutsa ke laɓewa, a shanya shi a rana.

Akwai tambayar da uwaye mata suka fi yi: abin da ya riga ya yi ƙwari, a ci ko a zubar? Ƙwaron kansa ba guba ba ne. Waken da ya yi 'yan ramuka a zuba shi a ruwa, wanda ya taso sama a kwashe a zubar, sauran a wanke a dafa. Garin da aka ga tsutsa ɗaya ko biyu a ciki, ba wari ba dunƙulewa, a tankaɗe a yi amfani da shi da wuri. Inda nake ja layi shi ne hunhuna. Ƙwari idan sun yi yawa numfashinsu yana kawo ɗumi da danshi, danshi kuma yana kiran hunhuna, wadda wani nau'inta a masara yake fitar da gubar afulatoksin mai lalata hanta. Haɗarinta ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, domin haɗuwarsu tana ninka yiwuwar kamuwa da sankarar hanta. Dahuwa ba ta kashe wannan guba. Garin da ya dunƙule, ko ya canza launi zuwa kore ko baƙi, ko yake warin rima, zubarwa ake yi, kuma ba a ba kaji ko saniyar tatsa, don gubar tana iya biyowa ta nono.

Wanda kuma ba shi da halin sayen buhu, kullum kwano guda yake aunowa a kasuwa, bai san abin da aka sa wa waken kafin ya iso hannunsa ba. Ya ɗebo a tafin hannu ya shinshina, idan ya ji warin magani ko ya ga wata ƙura mai launin toka ya wuce gaba. A gida a wanke shi sau biyu ko uku, a tafasa a zubar da ruwan farko. Wannan yana rage abin da ke jikinsa, amma ba ya mai da waken da aka jiƙa da fiya-fiya ya zama lafiyayye. Idan aka kai watan Yuni aka tarar da tsohon wake a buhun saƙa a buɗe, sumul ba rami ko ɗaya, ba ƙwaro ko ɗaya da ke yawo a kansa, ya dace a tambayi mai shi a cikin me ya ajiye shi tun kaka.